Yatsan Baffa Barau da Wasiƙar Mu'az

Mu'az Uthman ɗan Toranke ne, a ƙaramar hukumar Ajingi, kuma na koyar da shi a aji biyar da aji shida kafin in yi ritaya. Ba shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajin ba, ba kuma shi ne na baya ba. Abu ɗaya ne ya sa ban manta da shi ba. A wancan lokaci kowane ɗalibi yakan kawo tsintsiya ranar Litinin, ya nuna wa monita a bakin ƙofa kafin ya shiga. Sai wasu masu wayo suka gano cewa tsintsiya ɗaya tana iya shigar da mutum biyar, muddin akwai mai miƙo ta ta taga. Da aka naɗa Mu'az monita, bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Ya samo tawada, duk tsintsiyar da aka nuna masa sai ya rubuta mata lamba a gindi. Idan ta sake dawowa, sai ya duba, ya ce, "Wannan ai mun gaisa da ita ɗazu." Cikin mako biyu makarantarmu ta cika da tsintsiya har muka rasa wurin ajiya.

Bayan sakandare a Gaya ya tafi Kano ya yi difloma a kan ilimin kwamfuta. Ya dawo gida da takardar shaida, da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ba ya kai awa ɗaya, da kuma sana'ar da babu wanda ya san sunanta a Toranke, wato rubuta manhaja, irin abin nan da ake sakawa a waya ya riƙa yi wa mutum aiki. Da rana yana zama a shagon cajin waya na wani abokinsa a Gaya, saboda a can ne akwai wuta da sabis, yana ta danne-danne. Da damina kuwa yana gona tare da mahaifinsa, Malam Uthman, kamar kowa.

Malam Uthman mutum ne mai haƙuri, amma haƙurin nasa yana da wa'adi. Shekara biyu yana kallon ɗansa yana tafiya Gaya da safe yana dawowa da yamma, babu abin da ya gani ya ƙaru sai ciwon ido. Da aka girbe gero a shekarar da nake magana, sai ya kira shi ya ce, "Mu'az, ban hana ka ba, ban kuma zage ka ba. Amma daga nan zuwa a shigar da dawa rumbu, in wannan danne-dannen bai zama aikin da zan iya faɗa wa mutane sunansa ba, za ka bi yayanka Fatakwal ku sayar da albasa." Mu'az ya ce to. Ba ya son Fatakwal, ba ya son albasa, amma ba a yi wa Malam Uthman gardama.

A daidai wannan lokaci ne wata manhaja mai suna Inji Kusa ta shigo yankinmu. Wata matashiya ce a Kano, Halima Sadiya, ta kafa ɗan ƙaramin kamfanin da ya yi ta, ita da abokin aikinta guda ɗaya. Aikin manhajar mai sauƙi ne. Manomi ya zaɓi irin amfanin gonarsa, da yawan damin, da ranar da yake so, ya danna maɓallin aikawa. Buƙatarsa ta je babbar kwamfutar kamfanin, ita kuma ta duba masu injin sussuka da suka yi rajista, ta zaɓi mafi kusa wanda ba shi da aiki a ranar, ta tura masa saƙo. Akwai hotuna, akwai murya da Hausa, don haka wanda bai yi boko ba ma yana iya amfani da ita. Mu'az ya yaba da ita ƙwarai, ya riƙa saka wa mutane a wayoyinsu. Cikin waɗanda ya saka wa har da yayan mahaifinsa, Baffa Barau.

Dole in yi bayanin Baffa Barau. Dattijo ne mai kirki da kyauta, amma bai taɓa yarda a gaban mutane cewa wani abu ya gagare shi ba. Da Mu'az ya ce zai aika masa buƙatar, sai ya karɓe wayarsa ya ce, "Ni na yi goyon ubanka. Waya ce za ta fi ƙarfina?" Ya nufi bayan gari shi kaɗai, inda wani babban suri yake. Duk mutanen unguwarsu sun san cewa a kan surin nan ne sabis yake ɗan tsayawa, shi ma sai ya ga dama.

Ranar Laraba da hantsi, injin wani mai suna Tukur ya iso daga Gaya, a bayan akori-kura. Baffa Barau ya tarbe shi da fara'a, ya nuna masa geronsa, dami goma sha takwas. Ba a gama sauke injin ba sai ga na biyu daga Gafasa. Ana cikin tambayar juna, sai ga na uku daga Balan, tarakta tana jansa, da ma'aikata huɗu zaune a kai. Kowane mai inji ya fito da wayarsa ya nuna saƙo: sunan Barau, garin Toranke, gero, ranar Laraba. Daga baya muka ji cewa akwai na huɗu, Allah ne ya taimaka belinsa ya tsinke tun bai bar gida ba.

"Malam Barau," in ji Tukur, "geron sarki aka ba ka ajiya ne, ko kuwa kowane dami da injinsa?"

"Ni mutum ɗaya na kira."

"To wane ne a cikinmu? Ka nuna shi, mu sauran mu san aljanu ne suka kira mu."

"Sau ɗaya na danna," in ji Baffa Barau, yana ɗaga yatsa sama don kowa ya gani. "Sau ɗaya tak."

A ƙarshe Tukur ne ya yi sussukar, cikin ɗan lokaci kaɗan, sauran biyun suna tsaye suna ba shi shawarar da bai nema ba. Matan gidan suka dama furar mutum goma sha ɗaya. Da za su tafi, masu injin uku suka haɗa baki suka ce sun daina amsa kiran Inji Kusa, tunda wahalar hanya da man da suka ƙona ba wasa ba ne. Daga ranar kuma yara suka fara kiran dattijon Barau Mai Inji Uku, a bayan idonsa. Malam Uthman ya juyo wajen ɗansa. Ya dube shi kawai, sannan ya tambayi wani a gabansa ko an ji labarin farashin albasa a kudu.

Mu'az bai yarda aljanu ne ba. Ya roƙi baffansa aron waya da sunan zai duba mata batir, ya tarar da saƙonni huɗu na tabbatarwa daga kamfanin, kowanne da lambarsa daban, ba a buɗe ko ɗaya ba. Baffa Barau ajami yake karantawa, kuma duk saƙon da ya shigo da boko yana ɗaukarsa tallan kamfanin layi ne. Sai Mu'az ya hau surin da tasa wayar, ya cike buƙata, ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar wayar, ya yi ta juyawa, babu amsa. Ya sake dannawa. Bayan ɗan lokaci saƙonni biyu suka shigo, da lamba biyu. Ya yi maza ya soke su duka kafin wani ya ɗora inji a mota.

Abin da ya gano shi ne wannan. Inda sabis yake da rauni, buƙata tana iya isa kamfani amma amsar ta ɓace a hanyar dawowa. Wayar ba ta san ta isa ba, mai wayar ma bai sani ba, sai ya sake dannawa. Kwamfutar kamfanin kuma duk abin da ya iso mata sabuwar buƙata take ɗaukarsa, kuma da yake mai injin farko ya riga ya samu aiki a ranar, sai ta nemo wani. A ofis a Kano, inda amsa take dawowa kafin mutum ya ɗage yatsa, babu wanda zai taɓa ganin wannan.

Kwana huɗu ya yi a shagon caji yana haɗa ɗan samfuri nasa na kansa, ya ɗauki hoton bidiyo na minti ɗaya yana nuna yadda yake aiki. Sannan ya zo gidana da yamma, bayan la'asar, ya ce yana so ya rubuta wa mai kamfanin, ya nemi ta ɗauke shi aiki tun kamfanin yana ƙarami.

Na ji daɗi, na ɗauko takarda. Na rubuta masa wasiƙar neman aiki irin wadda muka sani: gaisuwa, da fatan alheri ga iyalinta, da asalin gidansu, da makarantun da ya yi, da shaidar kyawun halinsa. Shafi biyu. Ban ambaci matsalar manhajar ba sam, domin a tarbiyyarmu mutum ba ya zuwa neman abu wurin wani ya fara da gaya masa aibin kayansa. Mu'az ya karanta har ƙarshe cikin ladabi.

"Malam, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai a waya za ta karanta, wataƙila tana tsaye. Layi uku za ta gani kafin ta yanke shawarar buɗewa ko wucewa."

"To layi ukun farko ai gaisuwa ce."

"Shi ne abin da nake tsoro, Malam."

Muka yi ta ja har aka kusa kiran magariba. Ya bar mini sallama da layi ɗaya na gaisuwa, ni kuma na bar masa sauran. Wahala ta biyu ta fi ta farko. Ƙarfin wasiƙar yana cikin labarin injuna uku, labarin kuwa na baffansa ne, wanda har ranar yana kan bakansa cewa sau ɗaya ya danna. Mu'az ba zai rubuta wa baƙuwa cewa yayan mahaifinsa ya faɗi abin da ba haka ba. Muka daidaita a kan "wani manomi". Ga abin da ya aika ta imel, kamar yadda na kwafe shi a littafina:

"Assalamu alaikum, Malama Halima. Da fatan kina lafiya.

"Ranar Laraba da ta wuce injin sussuka uku suka zo wa wani manomi ɗaya a Toranke, Ajingi, ta hanyar Inji Kusa, kuma masu injin sun ce sun daina amsa kiranku. Na gano dalili. Idan sabis ya yi rauni, buƙata tana isowa gare ku amma amsa ba ta komawa, sai manomi ya sake dannawa, ku kuma ku buɗe sabuwar buƙata. Na gwada da wayata, danna biyu ya ba ni lamba biyu, na soke su nan take.

"Shawarata ɗaya ce. Wayar ta ba kowace buƙata lambarta ta musamman tun lokacin da aka cike ta, ta ajiye ta a cikinta, ta riƙa aika wannan lambar duk sanda aka sake dannawa. Idan lambar da kuka riga kuka gani ta sake isowa, kada ku nemi wani inji, ku mayar da amsar farko kawai. Na haɗa samfuri, ga bidiyon minti ɗaya a haɗe.

"Sunana Mu'az Uthman, ina rubuta manhajar waya, kuma ina zaune a cikin manoman da kuke yi wa aiki. Ina so in shigo cikinku tun yanzu. Idan kin ba ni mako ɗaya tare da mai rubuta muku manhaja, zan gyara wannan, sannan ki yanke hukunci."

Kwana biyu babu amsa. A rana ta uku wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar yankan wake.

"Kai ne Mu'az? Halima ce, ta Inji Kusa. Mun duba bayananmu, mun ga abin da ka faɗa. Ba Toranke kaɗai ba ne, ya faru sau goma sha huɗu a wurare daban-daban, mu kuma muna ta zargin masu inji da rikici. Wannan manomin naka, Barau, ka san shi?"

Mu'az ya ce, "Muna gaisawa, Hajiya."

"Yaushe za ka iya zuwa Kano?"

Ya tafi washegari ta Wudil. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, da tebur biyu da fanka. Abokin aikinta, Abdurra'uf, shi kaɗai yake rubuta manhajar, shi yake amsa ƙorafi, shi yake gyara janareta. Da farko bai sake da baƙon ba, kamar yadda magini ba ya sakewa da wanda ya zo ya nuna masa tsaga a bango. Amma aikin sai da hannu biyu: Mu'az ya gyara ɓangaren waya, Abdurra'uf ya gyara ɓangaren babbar kwamfutar don ta riƙa tuna lambobin. Wuri ɗaya suka yi gardama. Abdurra'uf ya ce a kashe maɓallin kawai da zarar an danna shi sau ɗaya.

"In ka kashe shi," in ji Mu'az, "mutumin garinmu zai ce wayar ta sandare. Zai rufe manhajar, ya cire batir in tana da na cirewa, ya dawo ya cike sabuwar buƙata daga farko. Ka ga mun koma inda muka fito. Ka bar masa maɓallin ya yi ta danna abinsa. In ya rufe ya buɗe ma, buƙatarsa ta farko zai tarar tana jiransa."

"Wane irin mutum ne zai yi ta danna abu haka?"

"Akwai su," in ji Mu'az.

Da mako ya cika, Halima ta gaya masa gaskiya. Gyaran ya yi aiki a ofis, amma ofis ne ya yaudare su tun farko. Kuma manhaja ba ta da amfani idan babu inji. Ta kira Tukur sau uku, shi ne babba a cikin masu injin yankin, ya ce ba zai dawo ba sai ya gani da idonsa. Ya kuma kafa sharaɗi.

"Hajiya, ni ba yatsan kowa nake tsoro ba," ya ce mata. "Yatsan Barau nake tsoro. A ba shi wayar a kan surin nan, ya yi yadda ya saba. In saƙo ɗaya ya shigo, mun dawo."

Halima ta ce wa Mu'az, "In masu injin Gaya da Ajingi sun dawo, akwai aikin da zan ɗauke ka ka yi. In ba su dawo ba, babu abin da zan ɗauke ka a kansa." Mu'az ya ga maganar daidai ce. Ya kuma san cewa an fara yankan dawa.

Aka sa ranar Asabar da safe. Na je, domin rabin Toranke ma ta je. Halima ta iso a motar haya, ta durƙusa ta gaida dattawa yadda ya kamata, abin da ya ba wasu mamaki, ban san me suka zata ba. Masu inji uku suka tsaya a gindin surin, kowa da wayarsa a tafin hannu. Ba wasa ake yi ba, dawar Baffa Barau ce ta gaske take jiran sussuka. Halima ta kira Abdurra'uf a Kano, ta buɗe murya don kowa ya ji abin da yake gani a kwamfutar. Malam Uthman yana can gefe, hannu a baya.

Baffa Barau ya fito cikin babbar riga. Ya hau surin a hankali, ya karɓi wayar da aka saka wa sabuwar manhaja, ya zaɓi dawa, ya zaɓi rana. Ya ɗaga yatsa sama, ya juya shi gabas da yamma don shaidu su gani, ya danna sau ɗaya. Muryar wayar ta ce, "An ajiye buƙatarka. Za a aika da zarar an samu sabis." Sai ya mayar da hannunsa cikin riga, ya tsaya ƙyam yana kallon sama.

"Baffa," in ji Mu'az a hankali, "a ƙara."

"A ƙara me? Ni sau ɗaya nake dannawa. Kowa ya sani."

Tukur ya tuntsire da dariya. "To Hajiya, kin gani. In sau ɗaya ne, ai tsohuwar ma tana iya wannan. Me aka gwada ke nan?"

"Bari ni in danna," in ji Mu'az.

"Kai ka ɗinka rigar, kai kuma za ka ce ta yi maka daidai? A'a. Barau muka ce."

Halima ta matsa kusa da surin. "Baba, wallahi ba laifinka ba ne. Namu ne. Duk wanda ya ga abu yana juyawa babu amsa, dole ya sake dannawa. Ni ma haka nake yi."

"Ke yarinya ce, 'yata. Ni ina da haƙuri."

Mai injin Balan ya fara saka wayarsa a aljihu. Na dubi Mu'az, na ga ya sunkuyar da kai. Yana da saƙonni huɗun nan a zuciyarsa, yana iya faɗa a gaban kowa, kuma na san ba zai faɗa ba. Sai Malam Uthman ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ba komai, Yaya, sauko kada ka gaji. Mu'az, motar albasa ranar Litinin take tashi, sai ka haɗa kayanka gobe."

Baffa Barau ya dubi ƙaninsa. Ya dubi Mu'az. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "'Yata, a wannan na'urar taku ta Kano, sau nawa aka rubuta na danna ranar nan?"

Halima ta ce, "Huɗu ne suka iso mana, Baba."

"Huɗu?" Ya daka tsawa har wata akuya ta zabura. "Huɗu! To na'urarku ba ta iya ƙidaya ba. Sau goma sha ɗaya na danna, ina ƙirgawa! Bakwai kuka zubar a hanya, sannan ku ce kuna da kamfani!"

Wurin ya kaure da dariya, Tukur har da riƙe ciki. Baffa Barau bai kula kowa ba. Ya naɗe hannun babbar riga zuwa kafaɗa, ya ce, "Matsa, Mu'az, in nuna musu yadda ake dannawa." Ya fara. Ya danna da manuni, ya danna da babban yatsa, ya ɗaga wayar sama ya danna, ya juya kudu ya danna. Ya rufe manhajar ya buɗe, ya tarar da dawarsa tana nan tana jiransa, ya ce mata, "Kina nan ashe," ya ci gaba. Jama'a suka kama ƙirga masa da ƙarfi. A ashirin da bakwai hularsa ta faɗo, babu wanda ya tsaya ɗauka.

Ana cikin haka wayar Tukur ta yi ƙara sau ɗaya. Kowa ya yi tsit, ban da mai dannawa. Tukur ya karanta: Barau, Toranke, dawa, ranar Talata. Mai injin Gafasa ya dubi tasa wayar. Mai injin Balan ya fito da tasa daga aljihu, ya girgiza ta, ya kai ta kunne. Babu komai.

"Abdurra'uf, me kake gani?" in ji Halima.

Muryarsa ta fito tana yankewa. "Lamba ɗaya ce take ta isowa. Sau tara zuwa yanzu, ga na goma. Buƙata ɗaya aka buɗe, inji ɗaya aka tura wa. Don Allah wane ne wannan? A ce masa ya isa haka."

"Ki ce wa yaron nan ban gama ba," in ji Baffa Barau.

A arba'in da ɗaya ya tsaya, ba don ya gaji ba, a cewarsa, sai don batirin ya nuna ja. Muka jira kwata na awa ko wani saƙo zai biyo baya a makare. Babu wanda ya biyo. Tukur ya ce ranar Talata yana nan tafe, kuma shi kaɗai, sauran biyun suka ce a mayar da sunayensu.

A zauren Malam Uthman aka ƙarasa maganar. Halima ta bayyana cewa za a fara da gwajin wata uku, da ɗan albashin da kamfani mai mutum biyu zai iya, sannan idan an ci gaba, Mu'az zai samu ɗan kaso a kamfanin, wanda ba a ba shi gaba ɗaya, sai ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara huɗu, muddin yana tare da su. Ta kuma faɗa a fili cewa irin wannan kamfani yana iya tashi, yana iya mutuwa. Malam Uthman ya saurara har ta gama. Bai tambayi kaso ba, bai tambayi albashi ba.

"'Yata, in mutane suka tambaye ni aikin me yake yi, me zan ce?"

"Ka ce injiniyan manhaja ne, Baba."

Ya gwada kalmar a bakinsa sau biyu, bai gamsu ba. "Zan ce shi ne mai hana inji uku zuwa gona ɗaya."

"Hakan ma daidai ne," in ji ta.

Shekara biyu ke nan da yin wannan. Kamfanin bai yi girman da za a yi labarinsa a rediyo ba, amma bai mutu ba, yanzu su shida ne. Mu'az yana kwana biyu a Kano kowane mako, sauran kwanakin yana aiki daga Gaya, kuma har yanzu yana yankan dawa tare da mahaifinsa. Ya yi aure bara. Akwai ƙa'ida a kamfanin da shi ya kawo ta: ba a sakin sabon gyara ga jama'a sai an kawo shi Toranke an hau surin da shi. Mai gwadawa kuwa bai canja ba. Na haɗu da Baffa Barau a kasuwar Gaya makon jiya, na tambaye shi labarin aikin. Ya ce yaran suna ƙoƙari, sai dai har yanzu suna rage masa ƙidaya, domin ranar injuna ukun nan, da ya zauna ya tuna sosai, sau goma sha biyar ya danna.